Muhawara: ta wace ƙofa ake fita daga alkawari? Tsarin maƙalar Nafisa a kan fiƙihun siyar da kuma dokar ƙasa da ƙasa

Nafisa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An ba mu maƙala mai shafi 15 a kan siyar, wato babin fiƙihu da ke magana kan yaƙi da sulhu da hulɗa da waɗanda ba Musulmi ba, mu gwama ta da dokokin yarjejeniya da na yaƙi na wannan zamani. Na dawo gida Birnin Kebbi hutu, ina so in gama tsarin kafin in koma makaranta. Ga yadda na shirya: kashi na farko tarihin siyar, daga Auza'i da Abu Yusuf zuwa Muhammadu ɗan Hasan Asshaibani wanda ya rasu 189 bayan Hijira. Na biyu, darul Islam da darul harbi. Na uku, yarjejeniyoyi. Na huɗu, dokokin fagen fama, mata da yara da itatuwa. Na biyar, fursunoni. Na shida, jakadu. Sai in rufe da cewa duk abin da aka rubuta a Geneva a 1949 kan dokokin yaƙi, da Vienna a 1969 kan dokar yarjejeniyoyi, Musulunci ya riga ya zo da shi. Ku duba mini don Allah.

Aminu: Wa'alaikumus salam. Masha Allah ƙanwata, tsari ya yi. Ki ƙarfafa wannan rufewar sosai. Turawa sun ce Grotius ne uban dokar ƙasa da ƙasa, alhali littafinsa 1625 ya fito, Asshaibani kuwa ya riga shi da shekara sama da 800. Kuma a wajenmu alkawari ba ya warwaruwa ko kaɗan sai in abokin gaba ne ya karya. Ki sa wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan da ke cikin Muwaɗɗa, kin gama.

Barista Hauwa: Nafisa, shafi 15 ne fa, kin ɗauko kaya shida. Kowanne zai samu shafi biyu, kuma shafi biyu ba abin da zai ɗauka sai jera ayoyi a hagu, jera sassan doka a dama, a ce "kun ga sun yi kama". Na karanta irin waɗannan da yawa, suna da daɗi a ido amma ba sa koya wa mutum komai. Sannan kin riga kin yanke hukunci tun ba ki saurari shari'ar ba. Da ni ce, kashi na uku kaɗai zan riƙe, a cikinsa ma tambaya guda: idan ɓangarori biyu sun ƙulla sulhu, yaushe ake cewa ya karye, wa ya karya shi, kuma ta yaya wanda ke son fita zai fita ba tare da ya zama maci amana ba? A nan ne tsarin biyu suke haɗuwa ƙwarai, a nan kuma suke rabuwa ƙwarai. Malam Haruna na cikin zauren nan, shi zai fi ni sanin ɓangaren fiƙihu.

Nafisa: Anti, ina tsoron kada malaminmu ya ce na bar yaƙi, tunda taken ya ce yarjejeniya da yaƙi.

Barista Hauwa: Sulhun tsagaita wuta ai yarjejeniya ce a tsakiyar yaƙi. Duka biyun kin taɓa.

Malam Haruna: Na yarda da Barista. 'Yata, ki ɗauki Hudaibiyya ki bi ta daki-daki, ita kaɗai ta isa ta riƙe maƙalar.

An ƙulla ta a Zulƙida, shekara ta 6, Suhailu ɗan Amru ne ya wakilci Ƙuraishawa. Za a ajiye makami shekara 10. Wanda ya gudo daga Makka zuwa Madina ba da izinin waliyyinsa ba za a mayar da shi, wanda ya gudu daga Madina zuwa Makka ba za a mayar ba. Kuma kowace ƙabila tana da zaɓin ɓangaren da za ta shiga. Khuza'a suka shiga ɓangaren Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Banu Bakar suka shiga na Ƙuraishu. Wannan sharaɗi na ƙarshe mutane kan wuce shi da sauri, alhali shi ne ƙofar da sulhun ya karye ta cikinta.

Abubuwa biyu suka faru bayan haka waɗanda a ido suna kama da juna, amma hukuncinsu ya bambanta. Na farko Abu Basir. Ya gudo Madina, Ƙuraishu suka aiko mutum biyu, aka miƙa shi kamar yadda aka yi sharaɗi. A hanya ya kashe ɗaya, ya kuɓuta, da ya gane za a sake mayar da shi sai ya nufi gaɓar teku. Abu Jandal da wasu masu gudu suka same shi a can, suka riƙa tare ayarin Ƙuraishu mai zuwa Sham. An zubar da jini, an ƙwace dukiya, masu yin abin kuma Musulmi ne. Duk da haka ba a ce sulhu ya karye ba, domin ba Madina ce ta tura su ba, ba kuma a ƙarƙashin ikonta suke zaune ba. Ƙuraishu da kansu suka roƙi a janye su zuwa Madina.

Na biyu, a shekara ta 8 Banu Bakar suka auka wa Khuza'a da dare a wani ruwa da ake kira Watir. Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce tsohuwar gaba ce tsakanin ƙabilu biyu. Amma Ƙuraishu sun ba da makamai, wasu daga cikinsu kuma sun shiga faɗan a ɓoye cikin duhu. Amru ɗan Salim na Khuza'a ya kai kuka Madina. Abu Sufyan ya biyo baya yana neman a sabunta sulhun, ya koma hannu rabbana. A Ramadan aka buɗe Makka da mutum 10,000. Sulhun shekara 10 bai cika shekara biyu ba.

To ki lura: da za a tafi Makka ba a aika musu da sanarwar an fita daga sulhu ba, an ma ɓoye shirin, ƙissar wasiƙar Haɗibu, wanda ya yi ƙoƙarin sanar da Ƙuraishu a ɓoye, shaida ce. Daga nan malamai suka ce wanda ya riga ya karya da sanin shugabanninsa, ba ya da haƙƙin a sanar da shi. Sanarwa ta wanda ake tsoron ha'incinsa ce, wanda bai riga ya aikata ba. Ita ce ayar Anfali ta 58, a jefa musu alkawarinsu a fili har ku daidaita da su wajen sanin cewa ya ƙare. Shi ake kira nabzu.

Barista Hauwa: Allah ya gafarta Malam, wannan rarrabewar kusan haka take a dokokin yaƙi na Hague na 1907, kuma ita nake so Nafisa ta kafa kusa da Hudaibiyya maimakon Vienna tun da fari. Sashe na 40 ya ce idan ɓangare ɗaya ya yi mummunan saɓa wa tsagaita wuta, ɗayan na da damar ya ce ya fita, in kuma abin na gaggawa ne ya koma faɗa nan take. Sashe na 41 ya ce idan wasu mutane ne suka saɓa bisa raɗin kansu, abin da za a nema kawai shi ne a hukunta su, a biya diyyar ɓarna in akwai. Watir ke nan a sashe na 40. Abu Basir ya fi kusa da na 41, kodayake bai zauna daram ba, tunda shi ba ya ma hannun Madina balle a ce ta hukunta shi. Ki faɗi wannan gibin a maƙalar, kada ki lulluɓe shi.

Malam Haruna: Hanafawa ma sun ƙara tsaga gashin. A cikin littafinsu Hidaya, idan wasu 'yan tsiraru daga ƙasar da ake sulhu da ita suka shigo suna fashi, ba su da wani ƙarfi na runduna, sulhu na nan. Idan suna da ƙarfi suka yi yaƙi a fili amma ba da izinin sarkinsu ba, ya karye a kansu su kaɗai, sauran mutanen ƙasarsu na cikin aminci. Idan da izinin sarki ne, ya karye gaba ɗaya. Tambayar kullum ita ce hannun wa ke ciki.

Kawu Manu: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma wagga magana ta tuna min abin da munka ji ga tsofaffi nan Argungu. Kabawa sun daɗe suna yaƙi da Gwandu da Sakkwato, sai anka yi sulhu zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, shi a Lafiyar Toga. Kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunai, anka samu 'yan shekaru mutane na noma da fatauci, kahin yaƙi ya sake tashi. Ɗiyata, in za ki yi misali, mi za ya kai ki nesa? Ga shi nan ƙofar gida.

Nafisa: Kawu, wallahi ban taɓa haɗa Lafiyar Toga da wannan darasin ba. Zan so in sa ta.

Barista Hauwa: Ki sa, amma da sharaɗi. Kafin ki ce wane ne ya karya, ki nemo abin da aka rubuta ta ɓangaren Argungu da ta ɓangaren Gwandu, domin kowane gida da yadda yake ba da labarin. Idan ba ki samu ba, ki ambace ta a gabatarwa a matsayin shaidar cewa sulhu tsakanin masu gaba ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, ki wuce. Kada ki ɗora hukunci a kanta.

Aminu: To duk abin da kuka faɗa ai ya tabbatar da maganata. Sashe na 40 da 41 kwafe ne. Kuma alkawari ba ya warwaruwa sai sun karya.

Malam Haruna: Aminu, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma za ta jefa yarinyar nan cikin rami idan mai duba takardar ya san fiƙihu. Kama ba ta nufin kwafe. Duk mutanen da suka taɓa yin sulhu da maƙiyi dole su tambayi kansu ko aikin 'yan tsiraru yana ɗaure jama'a. Wanda ya ce an kwafa, sai ya nuna hanyar da aka bi aka kwafa, wane ya karanta wane.

Sannan batun ba ya warwaruwa. Ayar nabzu da kanta ta ba da izinin fita saboda tsoron ha'inci, tun ba a yi ha'incin ba. Mu a mazhabarmu, Shaihu Halilu a Muhtasar ya ce shugaba na da damar yin sulhu don maslaha, ba shi da iyakar lokaci da aka yanke, an dai so kada ya wuce wata huɗu, in kuma ya hango alamun ha'incinsu sai ya jefa musu alkawarin ya gargaɗe su, cikawa kuma wajibi ce. Wato a wajen Malikawa sai da alama. Imamu Shafi'i ya tsaya a kan shekara 10 saboda Hudaibiyya. Amma Hanafawa, mazhabar shi Asshaibanin da kake alfahari da shi, sun tafi nesa da haka. Sun ce idan shugaba ya yi sulhu na wani wa'adi, daga baya ya ga warwarewa ta fi amfani ga Musulmi, yana da damar ya yi nabzu ya koma yaƙi, ko da ɗaya ɓangaren bai yi komai ba. Abin da suka ɗaure shi da shi shi ne lokaci: sai labari ya isa ga sarkinsu, shi kuma ya samu isasshen lokacin da zai isar da shi ko'ina a ƙasarsa. A wajensu abin da aka haramta shi ne mamaya da yaudara, ba fita ba. Yawancin malamai ba su bi su a nan ba. Ni ma ban bi su ba, ina ganin ayar Tauba ta 4 da ta ce a cika wa waɗanda ba su tauye komai ba alkawarinsu har zuwa wa'adinsu ta fi ƙarfi. Amma ra'ayin na cikin littattafai, ɓoye shi rashin amana ne a ilimi.

Aminu: Allah ya gafarta Malam, ban san da wannan na Hanafawa ba. Amma hadisin Amru ɗan Abasa fa? Shi nake dogaro da shi.

Malam Haruna: Hadisi ne mai kyau, yana cikin Abu Dawuda da Tirmizi, ka karanta shi har ƙarshe. Mu'awiya na da sulhu da Rumawa, sai ya riƙa matsawa da runduna kusa da iyakarsu don da zarar wa'adi ya cika ya auka. Amru ya zo a kan doki yana kabbara yana cewa cikawa, ba yaudara ba. Ya faɗa masa cewa wanda ke da alkawari da mutane kada ya kwance ƙulli kada ya ɗaure har wa'adi ya ƙare, ko ya jefa musu a fili. Mu'awiya ya juya da mutane. Ka ga abu biyu a ciki. Mu'awiya bai yi niyyar harbi ko ɗaya kafin wa'adi ba, duk da haka an ɗauki tattaki zuwa iyaka a matsayin yaudara, domin su Rumawa sun saki jiki suna lissafin cewa ko wa'adi ya cika akwai tafiyar kwanaki tsakaninsu da runduna. Wannan tsanani ne mai ban sha'awa. Amma ƙarshen hadisin ya bar ƙofar nabzu a buɗe, kuma ta nan Hanafawa suka shiga.

Barista Hauwa: Yawwa, a nan Vienna za ta shigo, Nafisa, kuma a nan za ki ga bambanci na gaske. Yarjejeniyar Vienna ta 1969, wadda ta fara aiki a 1980, ta ce a sashe na 26 duk yarjejeniyar da ke aiki ta ɗaure masu ita, su cika ta da kyakkyawar niyya. Wannan kowa ya yarda. Sashe na 60 ya ce za ka iya kafa hujja da saɓawar abokinka don ka fita, amma sai saɓawar ta taɓa ginshiƙin yarjejeniyar, kuma sai ta riga ta auku. Tsoro, ko da mai dalili ne, ba ya cikin sashen.

An gwada wannan a kotun duniya. Hangari da Cekoslobakiya sun yi yarjejeniya a 1977 za su gina madatsun ruwa a kogin Danube. Hangari ta dakatar da nata aikin, ɗaya ƙasar ta fara gina wata hanya da za ta karkatar da ruwan ita kaɗai. Hangari tana kallon ginin na tashi, ta san inda aka dosa, sai a watan Mayu 1992 ta ba da sanarwar ta fita. Ba a karkatar da ruwan ba sai Oktoba. A hukuncin 1997 kotu ta ce karkatarwar laifi ce, amma sanarwar Hangari ta yi gaggawa, domin a ranar da ta bayar ba a riga an saɓa mata ba, don haka yarjejeniyar ba ta mutu ba. Ki ɗora wannan a kan maganar Shaihu Halilu. Alama a fili take, gini ne ana gani da ido. A ma'aunin nabzu, alama irin wannan da sanarwa a fili sun isa. A ma'aunin Vienna ba su isa ba.

Ina sane cewa yarjejeniyar madatsa ba sulhun yaƙi ba ce, ki faɗi haka a rubutunki. Wanda ke jiran a karkatar masa da ruwa zai iya zuwa kotu daga baya. Wanda ke jiran a yi masa dirar mikiya da dare ba shi da daga baya. Ina ganin dalilin da ya sa fiƙihu ya buɗe ƙofar tsoro ke nan: babu wata kotu a saman Madina da Makka, shugaba shi ne mai ƙara shi ne alƙali, sai aka ɗaure shi da abin da za a iya gani, wato sanarwa da jinkiri. Vienna kuwa ta ɗauka akwai wasu hanyoyi, shi ya sa a sashe na 65 ta ce ka rubuta wa abokinka, ka jira aƙalla wata uku in ba gaggawa ta musamman, in ya ƙi yarda a nemi sasanci.

Nafisa: Anti, to idan ƙasa ta bi duk wannan, ta fita daga sulhu bisa ƙa'ida, shi ke nan ta samu damar yaƙi kamar yadda nabzu ke bayarwa?

Barista Hauwa: Wannan tambayar ita ce zuciyar maƙalarki. A'a. A 1907 amsar kusan e ce, har akwai wata yarjejeniya ta Hague ta wannan shekarar da ta ce kada a fara yaƙi sai da shela ko wa'adi na ƙarshe, wadda ita ce 'yar uwar nabzu ta kusa. Amma tun 1945 kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, sashe na 2 sakin layi na 4, ya hana amfani da ƙarfi ko barazana da shi. Abin da ya rage shi ne kare kai idan an kawo hari da makami, sashe na 51, ko izinin Kwamitin Sulhu. Yau ko ka aika sanarwa mai ladabi da wa'adin shekara guda, ba ta halatta maka harin. Littattafan siyar an rubuta su a duniyar da idan sulhu ya ƙare ana komawa yaƙi ne, don haka sulhu ke da wa'adi. Yanzu an juya abin, zaman lafiya ne asali, yaƙi ne ke neman hujja.

Malam Haruna: A nan ina da ja kaɗan, Barista. Gaskiya ne da yawan malaman farko haka suka kalli duniyarsu, kuma duniyar haka take. Amma ba duka ba. Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun halatta sulhun da ba a yanka masa wa'adi ba, mu ma mun ce ba iyaka. Kuma malamai da yawa na wannan zamani suna cewa ƙasashen Musulmi da suka sa hannu a kundin 1945 sun shiga alkawari ne, ayar farko ta Ma'ida ta hau kansu. Wato ba sai an ce an bar siyar an koma wata doka ba, siyar ce da kanta ta ɗaure su da abin da suka sa wa hannu. Ayar Anfali ta 72 ma ta hana a taimaki Musulmin da ba su yi hijira ba a kan mutanen da ake da alkawari da su.

Barista Hauwa: Na karɓi wannan, Malam, amma saura ƙiris. Idan kundin alkawari ne kawai a idon fiƙihu, to mai bin Hanafawa zai iya cewa yana da damar yi masa nabzu ranar da ya ga maslaha. Dokar yau kuwa tana ɗaukar haramcin kai hari a matsayin abin da ba a fita daga cikinsa, ko ƙasa ta bar Majalisar.

Malam Haruna: Haka ne, kuma ban da amsar da za ta rufe bakin kowa a nan. Ni dai a kan mazhabata, ba a fita sai da alamar ha'inci.

Lawali: Ku yi haƙuri in shigo. Ni daga yammacin Zamfara nake, yanzu ina zaune Gusau saboda abin da kowa ya sani. Garinmu an yi sulhu da mutanen daji har sau biyu, muka tara kuɗi aka kai don a bar mu mu yi noma. Na biyun bai kai girbi ba aka tare ƙanena a gona, sai da muka sayar da shanu biyu. Da aka yi magana sai jagoransu ya ce ba yaransa ba ne, na wani daba ne. Yanzu ina karanta zancen Abu Basir da sashe na 41, sai gabana ya faɗi. Kuna nufin a shari'a yana da gaskiya ke nan, sulhu bai karye ba?

Malam Haruna: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Malam Lawali, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. A'a, ba haka nake nufi ba, kuma na gode da ka tambaya don kada wani ya fahimce mu a karkace. Duk abin da muke faɗa a kan sulhu ne tsakanin hukuma da hukuma, kowacce da ƙasarta da shugaban da maganarsa ke ɗaure mutanensa. Wanda ya ɗauki makami a cikin ƙasa yana tare hanya yana sace mutane don kuɗi, babinsa daban ne, babin hiraba, ayoyi na 33 da 34 na Ma'ida. Kuɗin da kuka tara ba sharaɗin yarjejeniya ba ne tsakanin tsara da tsara, abin da aka karɓa ne da bakin bindiga, ku ba ku da laifin bayarwa don tsira, shi kuma haram ya ci. Sannan ko da za a yi masa ma'aunin sulhu, wanda ya karɓi kuɗi da sunan zai tsare muku gona ya ce daga baya ba shi da iko da masu shigowa, ya sayar muku da abin da bai mallaka ba.

Lawali: Na gane, Malam. Amma akwai wani abu. An taɓa kiran wasu daga cikinsu zaman sasanci a wani gari kusa da mu, da suka zo aka kama su. Wasu sun ce daidai ne tunda ɓarayi ne. Ni abin bai kwanta mini ba, kuma bayan nan ba wanda ya ƙara yarda ya zo zama.

Barista Hauwa: Idan yaƙi ne tsakanin ƙasashe, wannan sunansa yaudara kuma an hana, sashe na 37 na ƙarin yarjejeniyar Geneva ta 1977: ka sa mutum ya saki jiki cewa doka ta kare shi, kamar da farar tuta, sannan ka kashe shi ko ka kama shi. Kwanton ɓauna da ɓad da sawu kuwa an halatta. Amma ko abin da ke faruwa a dazukanmu ya kai a kira shi yaƙi a idon doka, ko aikin 'yan sanda ne da masu laifi, masana na jayayya, kuma amsar tana canza hukuncin.

Malam Haruna: A fiƙihu ma malamai sun yi saɓani kan ko amanar da shugaba ya ba ɗan fashi tana kankare masa haddi da haƙƙin mutane. Amma ka kira mutum da sunan aminci alhali ka shirya kama shi, ni ban iya halatta shi ba. Annabin da ya ce yaƙi ɗan zamba ne shi ne kuma ya hana cin amana, kuma ya ce wa manzannin Musailama ba don ba a kashe manzanni ba da ya sare su, ya bar su suka tafi.

Aminu: Malam, a nan kam ban gamsu ba. Mutumin da ya ƙone gari, a ce kuma yana da amana?

Malam Haruna: In ba a so a ba shi, kada a ba shi, a neme shi da ƙarfi. Magana a kan wanda ya riga ya bayar ne.

Nafisa: Na sake tsarin. Shafi biyu na farko, siyar a taƙaice da dalilin da ya sa na zaɓi karyewar sulhu, da ambaton Lafiyar Toga. Sai shafi biyar a kan Hudaibiyya, Abu Basir da Watir kusa da sashe na 40 da 41, har da inda Abu Basir bai dace ba. Sai huɗu a kan nabzu, Malikawa da Hanafawa, da shari'ar Danube. Sai uku a kan 1945 da saɓanin Malam da Anti, zan kawo duka biyun. Shafi ɗaya ya rage. Ina tunanin tambayar Baba Lawali, amma ina tsoron ta fi ƙarfin shafi ɗaya.

Barista Hauwa: Ta fi. Ki yi sakin layi guda ki ce hiraba babi ne daban kuma maƙalarki ba ta shige shi ba, don kada mai karatu daga Zamfara ya yi irin fahimtar da Malam Lawali ya fara yi. Kuma lambobin sassan nan da na ba ki, ki buɗe rubutun asali ki gani da idonki kafin ki kafa su.

Malam Haruna: Muhtasar da Hidaya duka ina da su. Ki sa babanki ko yayanki ya kawo ki bayan la'asar ranar Asabar, ki zo da littafin rubutu, mu karanta babin tare.